Laka a Cikin Ƙofar Fijo

Ranar Laraba da hantsi Abdussamadu ya sauka a tashar Birnin Kebbi da naira dubu tara ɗaure a lalitarsa, da tsohon fayil a hammata. Kuɗin nan su ne iyakar abin da ya mallaka a duniya. Rabi kuɗin sallamar da aka ba shi ne lokacin da aka rage ma'aikata a ofishin gona na Argungu, rabi kuma na gonar fadamar da ya gada ya sayar. Sarkin albasa na garinsu ya yi masa alkawari ɗaya: idan ya zo da mota kafin Juma'a, shi za a ba jigilar albasar bana zuwa Sakkwato. Idan Juma'a ta wuce, akwai wani da ke jira.

Ba a zuwa cinikin mota mutum ɗaya. Ana zuwa da babban wa, ko aboki, ko wani dattijo da zai riƙa sa baki yana cewa a duba zumunci. Abdussamadu ba shi da wanda zai kira. Tun da matarsa Kulu ta rasu shekara biyu da suka wuce ba tare da sun haihu ba, gidansa ya zama wurin kwana kawai, abokan ofis kuwa sun daina zuwa tun watan da albashinsa ya tsaya. Wanda ya biyo shi shi ne Maigandi bakanike, shi ma don an biya shi naira talatin da kuɗin mota, kuma ya faɗa tun a hanya cewa da azahar zai koma, ya bar tarakta a buɗe a gareji.

Motar tana ƙofar wani gida a Tudun Wada, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Fijo 404 ce a-kori-kura, fara, ƙirar 1980, an jingina kwali a gilashinta an rubuta dubu goma. Mai ita, Alhaji Dikko, tsohon direba ne da ya yi shekara talatin yana bin hanyar Jega da Kamba. Yana zaune a tabarma da buta a gefe. Da suka yi sallama ya amsa da fara'a, amma idonsa na kallon wani wuri a bayan kafaɗar Abdussamadu. Abdussamadu ya ɗauka girman kai ne irin na mai kaya.

Dikko ya miƙo makulli da takardu, ya ce su duba har su gaji, motarsa ba ta da abin ɓoyewa.

Maigandi bai fara da makullin ba. Sai da ya ɗora tafin hannu a kan inji ya tabbatar da sanyi yake, ba a ɗumama shi kafin zuwansu ba. Ya goge lambar inji da ta shasi da tsumma yana karantowa, Abdussamadu yana bi a takarda, suka yi daidai. Sannan ya tayar. Bugu ɗaya ta tashi, ba hayaƙi, amma akwai wata ƙara a ƙasa, ƙwas-ƙwas, da ke ƙaruwa idan an taka mai. Maigandi ya taɓe baki. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya jima, ya fito da yatsa shafe da wani abu fari-fari kamar kunu. Man aksul ɗin baya ne, ruwa ya shiga cikinsa.

Suka ɗauke ta zuwa hanyar Ambursa. Da suka yi nisa da gari Maigandi ya tsaya a gefen titi, ya ciro sukurdireba ya kwance marfin ƙofar direba ta ciki. Busasshiyar laka ce kwance a gindin ƙofar, mai laushi kamar garin lalle, da 'yan ƙananan katantanwa a ciki. Abdussamadu ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a hankicinsa. Ya ce wa Abdussamadu wannan ba ruwan sama ba ne, motar ta taɓa nutsewa a gulbi har zuwa kujera, an wanke ko'ina amma an manta da cikin ƙofa.

A kan murfin inji Abdussamadu ya rubuta abin da Maigandi ya lissafa. Ganye ɗaya na sifirin ɗin baya ya karye. Tayoyin baya duka biyu sun suɗe. Ƙasan bodi ya fara tsatsa, sai an yi walda. Aksul sai an wanke an canza mai da boris, burkin baya ma haka. Waɗannan duka naira dubu ɗaya. Ƙarar nan kuma Maigandi yana zargin metal ɗin cikin inji ne ya lalace, in haka ne sai an sauke inji, ɗari huɗu. Dubu da ɗari huɗu ke nan. Idan aka cire daga dubu tara, duk abin da ya haura dubu bakwai da ɗari shida ya fi ƙarfinsa.

Suna dawowa Maigandi ya wanke hannu da omo, ya ce Allah ya sa a dace, ya kama hanyar tasha.

Bayan sun yi azahar a masallacin unguwa, Dikko ya gyara zama ya ce masa ya taya. Abdussamadu bai taya ba, ya buɗe fayil.

"Malam, mota ka zo saye ko shari'a munka zo yi?" in ji Dikko da ya ji motsin takardu.

Abdussamadu ya ce a yi haƙuri da shi, shekara goma sha huɗu ya yi yana aikin sito, bai iya ciniki da baki ba, da takarda ya iya. Ya kuma ce bai zo kushe mota ba, injinta ya tashi da sanyi bugu ɗaya, duk wanda ya riƙe ta ya san darajarta. Dikko ya ɗan saki fuska.

Sati shida Abdussamadu ya yi yana sayen jaridar Turanci da ke zuwa daga Kaduna, yana yanke tallan motocin da masu su ke sayarwa. Ya zubar da na 504, ya zubar da waɗanda shekararsu ta yi nisa da ta wannan, ya rage uku, kowanne ya rubuta kwanan wata a kansa da jan biro. Ya karanto su yana fassarawa. Ɗaya a Kaduna, ƙirar 1980, dubu tara da ɗari biyar. Ɗaya a Zariya, ƙirar 1981, sabbin tayoyi, dubu goma da ɗari biyu. Ɗaya a Gusau, ƙirar 1980, dubu tara da ɗari ɗaya. Ya ce idan aka haɗa aka raba, mai lafiya tana kamawa wajen dubu tara da ɗari shida, kuma wannan kuɗin nema ne, ba kuɗin sallama ba. Duk wanda ya kai talla jarida ya bar wurin ragi.

Dikko ya ce ai Kaduna ba bayan gida take ba, wanda zai je can sai ya ci ya kwana ya sha mai ya dawo. Abdussamadu ya yarda, ya ce shi ya sa bai cire abin da ya wuce ɗari biyar ba. Dubu tara da ɗari ɗaya, a cire gyara dubu da ɗari huɗu, saura dubu bakwai da ɗari bakwai. Ya taya dubu bakwai da ɗari uku.

"Albarka," in ji Dikko, ko tunani bai tsaya yi ba.

Ya ce a karanto masa gyaran ɗaya bayan ɗaya. Sifirin, ya ce gaskiya ne, shi ya ji lokacin da ya karye. Taya, gaskiya ne. Da aka zo kan metal sai ya yi dariya har da buga cinya, ya ce bakaniken Argungu injin ban-ruwa ya saba ji, ba Fijo ba. Ya sa Abdussamadu ya tayar da motar, ya ce ya ɗauki muciyar da ke jingine a zaure ya tokare bututun salansa daga tsakiya. Abdussamadu ya durƙusa ya tokare. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya saki, ta dawo. Ƙarfen da ke riƙe salansa ne ya kwance, gyaran naira biyar.

Abdussamadu ya ja layi ya soke ɗari huɗun a gabansa. Yanzu zai iya kaiwa dubu takwas, amma kuma hujjarsa ta ragu da ɗari huɗu, Dikko kuwa ya samu ƙarfi. Ya ce tunda an ga injinsa garau yake, dubu tara da ɗari biyar, ba ragin sisi. Akwai wani mutumin Kalgo da zai zo gobe.

La'asar ta matso. Mata na wucewa da tallar fura, ba wadda ta tsaya. Daga cikin gidan ba motsin kowa, ko ƙarar turmi babu. Abdussamadu ya duba hagu ya duba dama kamar mai neman wanda zai ce a gyara, ba kowa sai akuya tana cin ɓawon rake.

Akwai talla na huɗu a ƙasan fayil, wanda bai so fitarwa ba domin ba shi da kwanan wata. Ba a jaridar da ya saya ya samo shi ba, mai shayin bakin kasuwa ne ya naɗe masa burodi da shi, har da ɗigon man shanu a jiki. Fijo 404 a-kori-kura, ƙirar 1980, lafiya lau, dubu shida da ɗari biyar. Ya zaro shi ya karanta a hankali.

Dikko ya ce a maimaita kuɗin. Aka maimaita.

"Ashe haka motoci sunka hwaɗi," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba wanda yag gaya min."

Ya ce a bara akwai malamin makaranta da ke haya a gidan gaba, shi ke karanta masa jarida, an yi masa canji zuwa Yawuri. Ɗansa ɗaya yana Legas, wasiƙa sai da Sallah. Dubu goman nan ma a bakin masallaci ya ji ana faɗa, ya sa aka rubuta masa. Ya miƙo hannu ya ce a ba shi ya gani da idonsa.

Abdussamadu ya ba shi. Dikko ya ɗaga 'yar takardar kusa da fuska, yana gyaɗa kai kamar mai bin layi. A juye ya riƙe ta, ƙasa a sama. Kuma da yake ya ɗaga ta, bayanta ne ke fuskantar Abdussamadu, gefen da bai taɓa dubawa ba saboda maiƙo. Rabin hoton rago ne, ƙafafu a sama, da guntun rubutu na wani kanti yana yi wa masu cinikinsa barka da Babbar Sallah.

Babbar Sallah a damina aka yi ta, wata shida da suka wuce, kafin darajar naira ta faɗi kuɗin mota ya yi tashin da kowa ke kuka da shi. Tallan nan na wata kasuwa ne da ta riga ta watse. Kuma tsohon da ke riƙe da shi ba ya ganin komai a jiki.

"To," in ji Dikko, ya ajiye takardar a tabarma, ɗan nesa da hannun Abdussamadu. "Tunda haka kasuwa tac ce, kawo dubu bakwai. Kada mutumin Kalgo shi zo shi yi min dariya."

Dubu bakwai. Zai yi gyara duka, ya sayi taya sabbi fil, ya rage dubu guda na mai da abinci har albasa ta ƙare. Abin da ake bukata kawai ya ce ya saya, Dikko ya ce ya sallama, magana ta ƙare. Ba shaida a wurin, ba wanda ya san ya zo da wannan takarda, ba kuma wanda zai tambaye shi a gida yadda aka yi. Ya sa hannu a lalita har ya taɓa igiyar. Ya ji ana kiran la'asar daga nesa, wani masallaci ya ɗauka, wani ya amsa.

"Baba," ya ce, "wagga takarda ta bara ce. Yanzu na ga bayanta. Ba ta cikin lissahi."

Ya ɗauke ta ya cukuikuye ya sa a aljihu. Dikko ya lalubi butarsa, hannunsa ya wuce ta sau ɗaya kafin ya kama, suka tafi masallaci, Abdussamadu yana tafiya a gefen kwata ba tare da ya nuna dalili ba.

Da suka dawo Dikko ya koma kan dubu tara, ya ce ɗari biyar ɗin ya bar masa saboda abin da ya yi. Abdussamadu ya yi godiya, ya ce amma saura abu ɗaya a takardar Maigandi da ba su taɓa ba. Ya kwance ƙullin hankicinsa, ya ɗauki hannun tsohon ya zuba masa lakar a tafi. Ya ce daga cikin ƙofar direba ta fito, man aksul kuma ya koma fari. Motocin jarida ukun nan ba wadda aka ce ta shiga gulbi. Shi ya lissafa abin da ido ya gani ne kawai, amma mota in ta nutse, waya da ƙarfe suna ci gaba da ruɓewa a inda ba a gani, kuma shi zai ɗauki wannan kasadar. Mutumin Kalgo ma in ya zo da bakanike mai hankali, ƙofar nan zai fara kwancewa.

Dikko ya murza lakar da babban yatsa har ya ji katantanwa ta fashe. Ya daɗe yana murzawa.

Sannan ya faɗa masa abin da bai faɗa wa kowa ba a unguwar. A watan da gulbi ya cika, ya ɗauko shinkafa daga fadama da rana tsaka, hanyar da ya bi sau ɗari. Ya ga farin ruwa ya ɗauka farin yashin hanya ne. Masunta takwas suka ciro shi da igiya, ya ba su goro ya roƙe su su yi shiru, ya ce wa mutane burki ne ya tsinke. Tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Kullum da yamma yana tayar da ita ta yi minti goma don kada batir ya mutu, ya zauna a ciki ya saurara, ya kashe. Likita a Kaduna ya ce yanar ido ce, ana iya cirewa, amma sai an je da kuɗi da mai jinya. Kuɗin ne yake nema yanzu. Mai jinya kuwa bai san inda zai samo ba tukuna.

Abdussamadu ya ce Allah ya ba da lafiya. Ya sake ɗaukar biro.

Ya ce mai lafiya dubu tara da ɗari ɗaya, gyaran da suka yarda da shi su biyu dubu ɗaya, saura dubu takwas da ɗari ɗaya. Saboda ruwan kuma ya roƙi ragin ɗari uku. Dikko ya ce albarka, dubu takwas da ɗari biyar, domin ganyen sifirin akwai shi a ɗaki, ya saya tun bara bai sa ba, zai haɗa masa da jak da tayar safiya, wato ta ko-ta-kwana. Abdussamadu ya shiga zaure ya duba. Ganyen na nan, sabo, tayar safiyar kuwa ta fi na bayan suɗewa. Ya fito ya faɗi haka, ya ƙara zuwa dubu takwas, ya ce daga nan in ya ƙara, cikin kuɗin gyara yake yanka.

"Takwas da ɗari biyu," in ji Dikko a ƙarshe. "In ka iya, na sallama. In ba ka iya, ka gai da Argungu."

Abdussamadu ya yi lissafi a gefen takarda. Ganyen sifirin ya rage masa naira sittin. Ɗari takwas za su yi aksul da burki da walda da taya ɗaya. Taya ta biyu sai dai albasa ta saya masa, in ta kai shi.

"Na saya," ya ce.

Aka kira mai unguwa da wani tela maƙwabci suka yi shaida. Abdussamadu ya rubuta takardar ciniki da lambar inji da ta shasi, ya karanta da ƙarfi sau biyu. Da aka zo sa hannu, ya riga kowa cewa a yi dangwale ya fi ƙarfi a kotu, ya shafa wa tsohon tawada a yatsa ya ɗora masa a inda ya dace. Telan ya ƙirga kuɗin ya miƙa. Ba wanda ya lura da komai.

Dikko bai tashi rakiya ba. Ya ce masa kawai giya ta biyu ba ta son gaggawa, a ba ta numfashi. Da Abdussamadu ya kai kwanar layin ya duba madubi, ya hango shi zaune a tabarma ya karkata kai gefe, ga wani dogon wuri a ƙasa ƙarƙashin bishiyar, mazaunin motar, inda ganye bai zuba ba.

Bai wuce gudun arba'in ba har Argungu, saboda sifirin da tayoyi. Rana na shirin faɗuwa ya tsaya a rumfar sarkin albasa. Mutumin ya fito ya zagaya motar, ya doki tayar hagu ta baya da ƙafa, ya tambaya ko wannan za ta kai Sakkwato da buhu goma sha biyu. Abdussamadu ya ce goma zai riƙa ɗauka har ya canza ta. Sarkin albasa ya ce to, Juma'a bayan asuba, kada ya makara.

Alhamis gaba ɗaya a garejin Maigandi ta ƙare. Da Maigandi ya ji labarin salansa ya ce shi dama zargi ya ce, bai rantse ba. Aka wanke aksul, aka sa boris, aka ɗaura sifirin, mai walda ya toshe ƙasan bodi. Sabuwar taya ta hau dama. Abin da ya rage a lalita bai kai cikon tanki ba, ya zuba rabi.

Ranar Juma'a gari na wayewa aka ɗora masa buhu goma, aka ɗaure da igiya. Sauran direbobi kowa da wanda ke zaune a gefensa suna raba goro. Abdussamadu ya ajiye jak a kujerar da ba kowa, ya sauke gilashin gefensa har ƙasa don ya riƙa jin tayar hagu, ya sa giya ta ɗaya, ya ba ta biyu numfashinta, ya hau hanyar Sakkwato.